Faranti Nawa Za a Jera wa Inbata? Hunturu da Bazara Ke Ba da Amsa

Idan maigida ya tashi sanya sola a rufin gidansa, tambayar da ya fi yi ita ce wat nawa zai samu. Tambaya ce mai kyau, sai dai ba ita ke ƙona inbata ba. Abin da ke ƙona ta shi ne yawan bolt, kuma yawan bolt ɗin da farantin sola ke bayarwa ba a tsaye yake ba: yana hawa idan farantin ya yi sanyi, yana sauka idan ya yi zafi. Don haka duk wanda zai haɗa farantai a jere dole ya yi lissafi biyu, ɗaya na asubar hunturu, ɗaya na tsakar ranar bazara.

Haɗawa a jere na nufin a ɗaura wayar + ta wannan faranti da wayar − ta na gaba, har zuwa na ƙarshe. Da haka bolt ɗinsu ke taruwa wuri guda. A bayan kowane faranti akwai takardar da kamfani ya manna, kuma lambobi biyu a cikinta ne suka shafe mu. Voc shi ne bolt ɗin farantin lokacin da ba a jan wuta daga gare shi, kuma shi ne mafi yawan abin da yake kaiwa. Vmp kuwa shi ne bolt ɗinsa yayin da yake tsaka da aiki. Abin lura shi ne, an auna su ne farantin yana kan zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, alhali rufin kwano a ƙasar Hausa ba kasafai yake zama a kan 25 ba.

Mu ɗauki misalin wani gida a Kano. An sayo farantai masu wat 550, Voc ɗinsu 49.5, Vmp kuma 41.7. Inbatar mai kilowat 5 ce, littafinta ya ce iyakar abin da za ta jure daga farantai bolt 500 ne, sashenta mai tatso wutar rana, wanda aka rubuta wa MPPT, yana aiki tsakanin bolt 120 da 450. Ke nan akwai iyakar sama da ba a tsallakewa, akwai ta ƙasa da ba a faɗawa ƙarƙashinta.

A fara da sanyi, domin shi ne mai ɓarna. Takardar bayanan farantin ta nuna cewa Voc yana ƙaruwa da kashi 0.27 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25. A Kano sanyin asuba a watannin Disamba da Janairu yakan sauko kusa da digiri 10, don haka mai lissafi da hankali zai ɗauki digiri 5 don ya bar wa kansa sarari. Tsakanin 25 da 5 akwai digiri 20. A ninka 20 da 0.27, an sami ƙarin kashi 5.4 cikin ɗari, wato Voc ya tashi daga 49.5 zuwa kimanin 52.2.

A nan ne masu haɗi da dama ke faɗawa tarko. Mutum ya duba takarda, ya ga farantai goma sun ba da bolt 495, ya ce ai bai kai 500 ba. Amma a lissafin hunturu goman nan 522 ne. Tara kuwa suna tsayawa a kusan 470. Saboda haka tara ne iyaka, ko da rufin yana da wurin na goma. Mai aiki a Jos ko Agadas, inda sanyi ya fi na Kano tsanani, sai ya ɗauki digirin da ya fi haka ƙasa.

Wani zai ce ai da safe rana ba ta da ƙarfi. Gaskiya ne, amma ƙarfin rana yawan amfa yake ƙarawa sosai. Shi bolt, haske kaɗan ya ishe shi ya tashi kusa da cikarsa. Da hudowar rana farantin yana ɗauke da sanyin dare, inbata ba ta fara jan wuta ba, sai cikakken Voc ya tsaya a bakin ƙofarta. Idan an yi sa'a, za ta nuna lambar gargaɗi ta ƙi karɓar wutar rana har gari ya ɗumama. Idan ba a yi ba, sashen MPPT ya ƙone, kuma galibin kamfanoni ba sa biyan irin wannan asara. Shi ya sa ake ganin sola da aka haɗa a watan Afrilu ta yi aiki lafiya lau wata takwas, ta mutu da shigowar sanyi. Ƙananan na'urorin cajin batir masu iyakar bolt 150 ma haka suke: farantai uku irin waɗannan sun ba da 148.5 a takarda, a sanyi kuwa sun haura 156.

Sai lissafin zafi. A watan Afrilu zafin iska a Kano yakan haura digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri ma ya fi haka. Shi kuwa farantin da ke shan rana yakan ɗara iskar da digiri 25 zuwa 30, musamman idan an kwantar da shi a jikin kwano ba a bar wa iska hanya ta ƙasa ba. Mu ɗauki digiri 75, wato ƙarin 50 a kan na takarda. A nan Vmp ake dubawa, domin da tsakar rana farantin aiki yake yi. Yana raguwa da kusan kashi 0.35 cikin ɗari a kowane digiri. Hamsin sau 0.35 ya ba da kashi 17.5, sai 41.7 ya koma kimanin 34.4.

Farantai uku a takarda bolt 125 ne, sun ɗan haye 120. A zafin bazara kuwa 103 ne kawai. Wannan ba ya ƙona komai, amma alamarsa sananniya ce: inbata tana caji da hantsi, da rana ta take sai cajin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya ragu ƙwarai, a daidai lokacin da fanka da firji suka fi bukatar wuta. Huɗu suna ba da kusan 138, sun tsallake. Biyar sun fi kwanciyar hankali, ganin cewa doguwar waya tana cin nata kason.

Amsar wannan gida ta fito ke nan: jeri ɗaya kada ya gaza huɗu, kada ya wuce tara. Tara sun ba da wat 4,950, wanda ya yi daidai da inbata mai kilowat 5. Wanda yake son ƙari kada ya yi gaggawar haɗa jeri biyu a ƙofa ɗaya, domin a irin wannan haɗin amfa ne ke taruwa. Kowane jeri yana iya kaiwa amfa 14, biyu sun zama 28, sai an tabbatar littafin inbatar ya amince da hakan, ko kuma tana da ƙofar MPPT ta biyu.

Bayan an gama haɗi, kafin a jona wa inbata, mai aiki ya auna jerin da mitar da aka yi don jure bolt 600 ko 1,000. Idan ya raba abin da ya gani da yawan farantai, amsar ta zo kusa da Voc na takarda. Awon tsakar rana zai fito ƙasa da na safiya, don haka kada ya zama hujjar ƙara faranti. Kuma ba a zare wayar jeri ana tsaka da jan wuta, sai an kashe makunninsa, domin tartsatsin irin wannan wuta ba ya saurin mutuwa.

Maigida ba sai ya zama injiniya ba. Ya isa ya ce wa mai haɗin, "Malam, rubuta mini bolt ɗin jerin nan a digiri 5 da kuma a digiri 75, ka nuna mini iyakar inbata a littafinta." Wanda ya san aikinsa zai yi wannan a cikin minti kaɗan. Wanda ya kasa, bai kamata a bar shi ya hau rufin ba tukuna.