Mutum Nawa Zauren Taro Zai Ɗauka?

Sau da yawa masu shirya walima kan ƙidaya kujeru kawai su ce zaure ya isa. To, lissafin ba daga kujera yake farawa ba.

A ɗauki zaure mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, watau murabba'in mita 300. In an cire 60 na dandamali da teburin manyan baƙi, saura 240. Ka'idar gine-gine ta Ingila tana ba mai cin abinci a tebur murabba'in mita ɗaya, ke nan mutum 240.

Amma ƙofofi su ke da maganar ƙarshe. A ka'idar nan, ƙofa mai faɗin santimita 85 tana fitar da mutum 110, mai 105 kuwa 220. In zauren yana da babba ɗaya da ƙanana biyu, sai a ƙaddara gobara ta tare babbar. Ƙananan biyu za su fitar da 220 kawai, wannan kuwa shi ne iyaka. Ƙofar da aka garƙame da kwaɗo ba ta cikin lissafi. A cire makaɗa da masu raba abinci 20, saura baƙi 200.

In tarurrukan baya sun nuna mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa, ana iya raba kati 250. A bikin aure kam ban ba da wannan shawara ba, domin 'yan gayyar soɗi sukan cike gurbin har su zarce. Ko da wane lissafi aka bi, a tsayar da mai ƙidaya a bakin ƙofa, da baƙi sun kai 200 ya dakatar da shiga.