Murabaha da kuɗin ruwa: ina bambancin yake a littafin banki?

Idan ka taɓa zama a majalisar 'yan kasuwa a Sakkwato aka ɗauko zancen bankin Musulunci, da wuya a tashi ba wanda ya ce: "To ai duk ɗaya ne, suna kawai aka canja. Can ka karɓi miliyan shida ka biya bakwai, nan ma haka." Maganar ba ta banza ba ce. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a ƙarshen 2019, dukansu kuma suna da rassa a cikin garin nan, mutane suna kallon abin da ake cira a asusunsu duk wata, suna ganin bai bambanta da na sauran bankuna ba. Gaskiya ne, a ranar da komai ke tafiya daidai bambancin ba ya fitowa. Sai ranar da kaya suka lalace, ko biya ya makara, ko ciniki ya faɗi.

Kafin mu yi nisa, akwai kalmar da ke rikita mutane. Riba ta Hausa, wato abin da ɗan kasuwa ke samu a kan uwar kuɗi, daga kalmar Larabci "ribhu" ta fito, kuma daga wannan tushen aka samo murabaha. Ribar da malamai ke cewa haramun ce wata kalma ce daban, ita ce muke kira kuɗin ruwa. A rubutun nan idan na ce riba, ta ɗan kasuwa nake nufi.

Bari mu ƙaddara wani mai sana'a, mu kira shi Malam Bello, yana son injin casar shinkafa saboda shanshera da ke shigowa daga fadamun Wurno da Goronyo. Alƙaluman duk na misali ne. Injin yana wurin dila a Kano a kan naira 5,700,000, kuɗin mota da lodi 300,000, jimla miliyan 6.

A bankin ruwa, miliyan 6 za a zuba masa a asusu. Daga wannan lokacin akanta ya rubuta cewa banki yana bin Bello bashin miliyan 6, ruwa kuma ya fara hawa kullum a kan abin da ya rage. Injin ba ya shiga littafin bankin ko na minti ɗaya, sai dai a ambace shi a matsayin jingina.

A murabaha tafiyar ta fi tsawo. Da farko Bello zai kawo takardar farashin dila, ya sa hannu a kan alkawarin cewa idan banki ya sayo zai saya. Wannan alkawari ne, ba ciniki ba, don banki ba zai sayar da abin da bai mallaka ba. Galibi za a karɓi wani kaso a hannunsa, a ce 600,000, don tabbatar da cewa da gaske yake. Kuɗin nan ba na banki ba ne tukuna, a littafi ana rubuta shi a ɓangaren abin da ake bin banki. Idan Bello ya fasa, asarar da banki ya yi a zahiri wajen sayar wa wani ita kaɗai zai cira, ya mayar da saura. Ɗaure mutum da alkawarinsa irin haka ya jingina ne da ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, cewa alkawari yana zama dole idan ya sa wanda aka yi wa ya shiga kashe kuɗi.

Sai banki ya biya dila. A nan abu na farko da babu shi a bashin ruwa yake bayyana: kuɗi miliyan 6 sun fita, haja ta miliyan 6 ta shigo littafi. Banki ya zama mai injin. Idan motar ta kife a hanya tsakanin Gusau da Talatar Mafara, asarar ta banki ce, Bello ba ya biyan ko kwabo. Shi ya sa banki ke yi wa kayan inshorar takaful, ya sa kuɗinta cikin farashin saye.

Injin ya iso Sakkwato, sai a ƙulla ciniki. Sharaɗin murabaha shi ne a faɗa wa mai saye gaskiyar uwar kuɗi da ribar da aka ɗora: na saya miliyan 6, na ɗora 1,200,000, ka biya 7,200,000 a wata goma sha biyu, 600,000 duk wata. (Mu ɗauka an mayar masa da kuɗin da ya ajiye, don lissafin ya yi sauƙi.) A littafi haja ta fita, bashin ciniki na 7,200,000 ya shigo. Amma banki ba zai ce ya ci ribar 1,200,000 yau ba. Ana ajiye ta a wani gida da ake kira ribar da aka jinkirta, ana cire ta daga jimlar bashin idan za a nuna shi a rahoto, sannan ana sakin ta kaɗan-kaɗan zuwa kuɗin shiga yayin da watanni ke wucewa.

Yadda ake sakin ta ne ya sa masu cewa "duk ɗaya ne" suke da abin kamawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba daidai, 100,000 kowane wata. Amma ƙa'idar IFRS, wadda bankunan Najeriya suka koma kanta tun 2012, tana kallon cinikin biya a hankali a matsayin samar da kuɗi, don haka tana auna riba da abin da ya rage a hannun mai saye. A misalinmu hakan ya kama kusan kashi 2.9 cikin ɗari a wata. Watan farko banki zai rubuta ribar kusan 175,000, watan ƙarshe kusan 17,000 kacal, jimla dai 1,200,000 ɗin ce. Ko hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin lissafin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ta karɓi irin wannan rabon a cinikin da ya haura shekara ana biya kashi-kashi. Teburin da zai fito, layi bayan layi, kamar na bashin ruwa ne.

Ka kuma lura da wani abu da zai amfane ka a aljihu. Ribar 1,200,000 a kan miliyan 6 kashi 20 ce, amma da yake kana rage bashin tun watan farko, ta yi daidai da bashin ruwa na kusan kashi 35 a shekara da ake lissafawa a kan ragowa. Kada ka ji "ashirin" a nan, ka ji "talatin" a can, ka ɗauka na farko ya fi araha.

To yanzu a ce Bello ya biya wata shida, sai shanshera ta yi tsada, injin ya tsaya wata uku bai biya komai ba. A bankin ruwa ragowar uwar kuɗinsa kusan 3,260,000 ce, kowane wata ruwan kusan 95,000 yana hawa, ban da tarar makara, kuma duk wannan ƙari ne a kan abin da banki ke bin sa. A murabaha saura 3,600,000 ne, kuma a nan zai tsaya, domin farashin abin da aka riga aka sayar ba ya ƙaruwa. Ba a sake lissafi idan Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin ruwa. Ba a ce masa "mun ƙara maka wata uku, ka ƙara mana dubu ɗari uku". Akwai tarar da ake sa wa mai jinkiri da gangan, amma ba ta shiga kuɗin shigar banki, gidan sadaka ake rubuta ta, a fitar da ita ƙarƙashin kulawar kwamitin malaman bankin. A lokaci guda dole akanta ya ware tanadin asara, don akwai alamar bashin ba zai dawo duka ba. Kowane watan jinkiri ragi ne a ribar banki.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Saboda banki ba ya son ɗaukar haɗarin hanya, sai ya naɗa shi mai sayen wakilinsa, ya ce je ka sayo a madadinmu. Wakilci ya halatta, amma idan an tura kuɗin asusun Bello, ya sa hannu a takardar wakilci da ta ciniki a zama ɗaya, ko kuma ya riga ya sayi injin tun makon jiya ana neman takarda kawai, to babu lokacin da injin ya zama na banki. Bashi ne aka sa wa riga. Abin dubawa uku ne: sunan wa ke kan rasit ɗin dila, wa aka tura wa kuɗin, kuma kwanan watan ciniki ya zo bayan na mallaka ko kafinsa.

Raba riba kuwa wata duniya ce. Mudaraba ita ce abin da littattafan Malikiyya ke kira kiradi, Muwaɗɗa ta Imam Malik tana da babi guda a kansa, kuma 'yan kasuwarmu sun daɗe suna yi: ubangida ya ba yaronsa jari, a raba abin da aka samu. A ce banki ya ba wani dillalin albasa miliyan 5 ya saya lokacin da ta yi araha, ya adana a rumbu har ta yi tsada, a kan cewa kashi 60 na riba nasa, 40 na banki. Kason na riba ne, ba na jari ba. Da zarar an ce "za ka ba mu 400,000 ko ta halin ƙaƙa", an koma ruwa.

A littafin banki wannan miliyan 5 ba bashi ba ce, jari ne da aka zuba. Wata yana wucewa ba a rubuta kuɗin shiga ko sisi, sai an yi lissafi an tabbatar uwar kuɗi ta dawo. Idan an sayar miliyan 6 bayan cire ɗawainiya, banki ya rubuta 400,000, dillali ya ɗauki 600,000. Idan albasa ta ruɓe, kuma duk wanda ya taɓa ajiye ta ya san tana ruɓewa tana kuma rage nauyi, aka tashi da 4,200,000, banki ne zai rage jarinsa da 800,000. Dillali ya yi asarar wahalarsa kawai. Ba ya zama mai bashi sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi, kamar ya kwashe kuɗin ya sayi wake. Da a ce shi ma ya zuba nasa miliyan 5, sunan ya koma musharaka: riba yadda suka shirya, asara kuwa daidai da jarin kowa, rabi da rabi.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa, a nan da ma ƙasashen waje, murabaha da ijara suka rinjayi raba riba a abin da bankunan nan ke bayarwa. Rabon banki ya dogara ne da lissafin da dillali ya kawo, shi kuwa yawancin cinikinsa da tsabar kuɗi ne, littafinsa a kansa yake. Banki ba zai iya tsayawa bakin rumbu yana ƙirga buhunan da suka ruɓe ba.

Inda mudaraba ta fi aiki shi ne ta ɗaya ɓangaren, wato kai da ka buɗe asusun zuba jari a irin wannan banki. A nan kai ne mai jari, banki ne mai juyawa. Shi ya sa abin da ke faɗowa asusunka yake hawa yana sauka, kuma ƙa'idar AAOIFI ba ta lissafa kuɗinka cikin bashin da ake bin banki, tana ba shi gida na daban tsakanin bashi da jarin masu hannun jari. Watanni ukun da Malam Bello bai biya ba, ɗan wani abu daga cikinsu a rabonka yake fita.