Yadda Ƙaramin Kanti Zai Tsara Karɓar Kuɗin Ciniki Ta Waya

KAFANCAN: Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira da Babban Bankin Najeriya ya yi, masu ƙananan kantuna a Kafancan da Kagoro da Zonkwa suka saba da mai saye ya zaro waya maimakon ya sa hannu a aljihu. Abin da har yanzu ke jawo asara shi ne rashin tsari, domin kuɗin da ba a gani a hannu ya fi saurin salwanta ba tare da an lura ba. Tsarin kuwa bai wuce abubuwa uku ba: asusu na kanti shi kaɗai, tabbatar da shigar kuɗi kafin kaya su fita, da daidaita lissafi kowane dare.

Matakin farko shi ne raba asusun kanti da na gida. Muddin kuɗin cefane da na makarantar yara suna fita daga inda kuɗin ciniki ke shiga, to babu lissafin da zai daidaita. Ana iya buɗe asusun a banki ko a kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay, amma wajibi ne mai kanti ya san matakin asusun da ya buɗe. A ƙa'idar Babban Banki, asusun mataki na ɗaya ba ya riƙe fiye da N300,000, na biyu kuma N500,000, yayin da na uku ba shi da iyaka. Wannan yana da muhimmanci a ƙarshen shekara, lokacin da kuɗin citta ke shigowa daga yankin Kaciya da Kwoi, ga kuma sayayyar Kirsimeti. Asusun da ya cika yana iya ƙin karɓar kuɗi a ranar da kasuwa ta fi ci. Ɗaga matakin yana bukatar lambobin BVN da NIN duka biyu, kamar yadda bankin ya umarta a watan Disamba na 2023, saboda haka gara a kammala shi tun da damina.

Wayar da ke ɗauke da asusun ita ma ta kanti ce, a nan take wuni, a nan ake cajinta. Yaron kanti yana iya duba shigar kuɗi, amma lambar sirri ta fitar da kuɗi ta mai kanti ce shi kaɗai. Sai a rubuta lambar asusu da sunan banki da sunan mai asusu da manyan haruffa, a manna a gaban teburi, don kada a riƙa faɗa da baki ana kuskuren lamba. Yana da kyau a tanadi asusu na biyu a wani banki dabam, da layin waya na wani kamfani dabam, domin ranar da sabis ya tsinke.

Mataki na biyu shi ne inda ake yawan cutar 'yan kasuwa. Rasit ɗin da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaida ba ce, ko da an rubuta Successful a kai, domin ana iya ƙirƙirarsa, ana kuma iya nuna na jiya. Haka nan saƙon tes, wanda aka fi sani da alat, ana iya turo na jabu da ke kama da na banki. Shaida guda ɗaya ce: a buɗe manhajar asusun kanti, a ga sunan mai turowa da adadin kuɗin da lokacin a jerin shige da fice, a kuma ga jimillar asusun ta ƙaru. Tura kuɗi tsakanin bankuna yana bi ne ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda ya fara aiki a 2011, kuma a yawancin lokuta kuɗi na isa cikin ƙasa da minti guda. Idan rasit ya nuna Pending, ko kuɗin bai bayyana ba, kaya su zauna a gefe da sunan mai saye har sai ya shigo. Idan kuwa sananne ne aka ga dacewar a ba shi, to a rubuta cinikin a matsayin bashi, ba a matsayin kuɗin da aka biya ba.

Kowane ciniki yana shiga littafi nan take, a ɗaya daga cikin gidaje uku: tsaba, waya, ko bashi. A gidan waya ana ƙara sunan da ya fito a manhaja, domin sau da yawa wani ne ke biya wa wani.

Misali zai fayyace mataki na uku. A ɗauka mai kantin kayan masarufi a kasuwar Kafancan ya buɗe da safe da canjin N20,000 a aljihun teburi da N40,000 a asusu. Littafi ya nuna cinikin N186,500 a ranar: tsaba N74,000, waya N97,500, bashi N15,000. Ya fitar da N6,000 daga teburi don man janareta da kuɗin dako, ya kuma tura wa dila N60,000 ta waya. Ke nan ya kamata a tarar da N88,000 a teburi, da N77,500 a asusu, baicin ɗan cajin banki.

Da aka ƙirga, teburi ya cika daidai, amma asusu ya nuna abin da bai kai N69,000 sosai ba. Giɓin ya ɗan haura N8,500. A nan sai a jera littafi da manhaja, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Littafi na da ciniki 11 na waya, manhaja na da 10, kuma wanda ya ɓace shi ne na N8,500 da aka yi da azahar, lokacin da cunkoso ya sa yaro ya wadatu da kallon rasit. Da yake an gano a daren, yaron na tuna fuskar mai sayen, ana kuma iya nemansa da safe ya duba ko bankinsa ya mayar masa da kuɗin. Da an bari sai ƙarshen wata, da babu mai iya cewa ga inda kuɗin ya bi.

Siffar giɓi kan nuna dalilinsa. Idan teburi ya gaza da wani adadi, asusu kuma ya yi rara da adadin daidai, to babu sata, cinikin waya ne aka rubuta a gidan tsaba. Idan rara ce kawai, galibi wani ne ya biya tsohon bashi ba a soke ba. Ƙaramin giɓi na 'yan nairori kuwa cajin tura kuɗi ne da harajin N50 da gwamnati ke karɓa a kan N10,000 zuwa sama, wanda daga watan Janairu na 2026 ya koma kan mai turawa. Shi ma a ba shi layinsa a littafi, don kada a ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba.

Akwai iyakar da ya kamata a kiyaye. Karɓar kuɗin kayan da aka sayar daban yake da sana'ar ba mutane tsaba su turo ta waya, wadda ke da nata ƙa'idoji, ciki har da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni da aka wajabta wa masu ita a 2024. Mai kantin da ke haɗa su a teburi ɗaya yana zubar da canjinsa, yana kuma rikita lissafin ribarsa. Wanda ya ga dole ya yi duka biyun, sai ya ware wa kowanne asusunsa da littafinsa da aljihunsa.