Wasiƙar mai hoton biki: abin da ake gogewa kyauta da abin da sai an ƙara kuɗi

Saɓani tsakanin mai hoto da masu biki ya fi tasowa bayan an watse, lokacin da hotuna suka iso gida aka zauna ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne ake ganin robar ruwa a gefen ƙafar amarya, da wayar lasifika ta ratsa bayan ango, da wani baƙo da babu wanda ya san shi ya leƙo da kai a hoton 'yan uwa. Sai a kira mai hoto a ce ya goge. Shi kuma ya amsa cewa wannan zai goge kyauta, wancan sai an ƙara kuɗi, na ukun kuwa ba zai gogu ba. Wanda bai san aikin ba sai ya ɗauka wayo ake yi masa, tunda a ganinsa duk gogewa ce.

Mai hoton da ya san sana'arsa ba ya barin wannan magana a fatar baki. Rubutawa yake yi, hoto bayan hoto, domin kowa ya san inda ya tsaya. Bari mu ɗauki misali. Mahaifiyar amarya ta karɓi hotunan kamu da na dina, ta ware guda 12 da take so a gyara. Ga yadda wasiƙar da za a mayar mata za ta soma:

"Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan an huce gajiyar biki, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Na duba hotuna 12 da kika ware. Bakwai daga ciki zan gyara ba tare da ƙarin ko kwabo ba, domin suna cikin aikin da kika riga kika biya. Su ne masu robar ruwa da ledoji a ƙasa, da mai wayar lantarki a jikin bango, da wanda ƙurji ya fito a goshin ango."

Dalilin da ya sa waɗannan suka zo da sauƙi shi ne asalin maganar baki ɗaya. Kyamara ba ta ɗaukar abin da ke ɓoye. Idan roba ta rufe wani yanki na daɓe, to wannan yankin babu shi a cikin hoton, ba wai yana ƙarƙashi yana jira a ɗage robar ba. Abin da mai gyara yake yi shi ne faci, irin wanda tela yake yi wa atamfar da ta ƙone: sai ya samo ƙyalle daga wani gefe na yadin, sannan sai zanen ya haɗu, in ba haka ba ido zai gane. A manhajar Photoshop akwai kayan aiki da ake kira Clone Stamp, wanda ke kwafo wani wuri na hoton ya shimfiɗa a wani wurin. Akwai kuma Content-Aware Fill, wanda ya shigo a 2010, shi kuma yana duba kewayen abin da aka zagaye ya cike gurbin da makamancinsa. Idan bayan robar ciyawa ce, ko yashi, ko bango mai launi ɗaya, wurin kwafowa yana da yawa, aikin ba ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Saboda haka girman abu ba shi ne ma'aunin kuɗi ba. Babbar fanka da ke tsaye ita kaɗai a gaban farin labule ta fi sauƙin cirewa a kan ɗan ƙaramin cokalin da ya gitta a kan leshin amarya. Abu biyu mai hoto yake dubawa: mene ne a bayan abin, kuma me abin ya taɓa.

Wasiƙar ta ci gaba:

"Hoto na 8 da na 9, Hajiya, su ne masu mutumin da ke tsaye a bayan ango yana ɗauka da wayarsa. Zai fita, amma kafaɗarsa ta haɗu da hannun babbar rigar ango, kuma inuwarsa ta faɗi a kan tayil. Kowanne zai ci mini kamar rabin awa. Ina lissafin irin wannan aiki naira 6,000 a awa, ke nan 3,000 kowane hoto, biyun 6,000."

Kuɗin da aka ambata misali ne domin lissafi ya fito fili, kowane mai hoto da nasa farashin. Amma rabin awar nan ba ƙari ba ne. Inda jikin baƙon ya taɓa rigar, dole a bi gefen shaddar da hannu, a hankali, a ware ta daga abin da za a goge. Idan aka bar wa na'ura, takan ɗebo launin riga ta shafa a bango, sai gefen ya fito da dishi-dishi kamar ya narke. Bayan an cire mutum kuma sai a koma kan sawunsa. Inuwarsa tana nan a ƙasa. Idan tayil ɗin ɗakin taron mai sheƙi ne, surarsa tana ciki. Idan akwai madubi ko gilashin taga a kusa, nan ma sai an duba. Sannan layukan tayil da ya tsaya a kai sai an sake jera su su miƙe yadda suka taho.

A nan mutane suke yawan tambaya: ai mai hoton ya gyara hotuna ɗari huɗu a kuɗin farko, me ya sa guda biyu za su zama abin biya? Gyaran farko na haske ne da launi. A manhaja irin Lightroom, idan aka daidaita hoto ɗaya, ana iya ɗora wannan saitin a kan duk sauran da aka ɗauka a wuri ɗaya da haske ɗaya, cikin ɗan lokaci. Cire mutum ba ya tafiya haka. Ko da hotuna biyu a jere aka ɗauka, mutumin ya ɗan motsa, ango ya ɗan juya, don haka kowanne sabon aiki ne daga tushe.

Hoto na 10 shi ne mai wuya a cikin waɗanda za su yiwu, kuma shi Hajiya ta fi so:

"Na 10 shi ne na wajen liƙi, inda hannun wata ƙawa riƙe da kuɗi ya rufe bayan hannun amarya da rabin lallenta. Lallen da aka rufe ba zan iya zana shi daga kaina ba. Amma na duba, hoton da na ɗauka daf da shi hannun amarya a buɗe yake, kuma bai sauya zama sosai ba. Zan yanko hannun daga can in dasa a nan. Zai ci awa ɗaya da rabi, naira 9,000. Jimillar ƙarin ke nan 15,000."

Wannan dasawar ita ce ƙololuwar aikin. Hannun da aka aro sai an juya shi ya dace da gwiwar hannu, a daidaita girmansa, a daidaita haskensa, domin fitilun ɗakin dina suna sauya launi, hoto ɗaya ya yi ja-ja na gaba ya yi shuɗi-shuɗi. Awarwaro da zobe su ma sai sun zauna inda suke. Abin da ya ceci wannan hoto shi ne mai hoton ya danna sau da yawa a jere. Da sau ɗaya ya ɗauka, da babu inda za a aro. Haka abin yake ga duk abin da ke da zane na kansa: aikin wuyan babbar riga, zanen hula, duwatsun leshi, ɗaurin gwaggwaro. Waɗannan ba su maimaita kansu yadda ciyawa take yi, kuma mai su ya san su sarai. Amaryar da ta yi sa'o'i a zaune ana zana mata lalle za ta gane idan an sauya mata fure ɗaya.

Saura biyu. Ɗaya ya warware ba tare da kuɗi ba, ɗaya kuma mai hoton ya ƙi karɓa:

"Na 11, janaretan yana can gefe, zan datse gefen hoton kawai ya fita, babu caji. Na 12 kuwa, ranki ya daɗe, ina ba ki haƙuri. Matar da kike so a cire tana tsakiyar sahu, ta dafa kafaɗar amarya, kuma mayafinta ya rufe rabin fuskar wadda ke bayanta. Sau ɗaya aka yi wannan tsayuwa, ba ni da inda zan samo fuskar. Idan na karɓi kuɗinki zan ba ki abin da ba za ki so ki rataya a falo ba. Akwai wani hoton 'yan uwa da ba ta ciki, zan turo miki shi ki gani."

A ganina wannan sakin layi shi ya fi nuna mai hoton kirki. Akwai masu karɓar kowane aiki, su ƙirƙiro rabin fuska su manna, kuma a ƙaramin allon waya abin ya wuce. Sai an wanke hoton babba an sa a firam aibin ya bayyana. Wanda aka miƙa wa hoton da aka gyara yana iya bincikawa da kansa kafin a wanke. Ya buɗo wurin da aka yi aikin sosai, ya duba ko akwai zane ɗaya da ya maimaitu sau biyu ko uku kusa da juna, ko layin bango da ya karkace, ko wani yanki da ya fi kewayensa santsi, ko inuwar da babu mai ita. Kowanne daga cikinsu shaida ce ta aikin gaggawa, kuma haƙƙin mai biya ne ya ce a sake.

Ƙarshen wasiƙar sharuɗɗa ne, kuma su ma suna hana rigima. Mai hoton ya bayyana cewa a kan ainihin fayil ɗin kyamararsa zai yi aiki, ba a kan kwafin da ya zagaya ta WhatsApp ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Ya faɗi ranar da zai gama. Ya ce bayan ya miƙa, gyara sau ɗaya kyauta ne, amma sabuwar buƙata sabon lissafi ce. Ya ce zai ajiye hoton asali yadda yake, ko da wata rana an so shi. Ya kuma nemi a sanar da amarya da ango kafin a cire kowane mutum, domin wanda Hajiya ba ta sani ba yana iya zama aminin ango ne na ƙuruciya, kuma hoton nasu ne kafin ya zama na kowa.

Idan aka ce a yi irin wannan cirewa a bidiyo, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 25 ko 30 a daƙiƙa ɗaya, ke nan minti ɗaya yana ɗauke da hoto 1,500 ko fiye, mutane kuma suna motsi a cikinsu. Shi ya sa mafita mai sauƙi a bidiyo ita ce a yanke wurin.

Mai shirin biki, ka nemi waɗannan sharuɗɗa a rubuce tun ranar da za ka ba da kafin alƙalami: me ke cikin kuɗin, nawa ne awar ƙarin gyara, sau nawa za a sake kyauta. Ranar taro kuma ka wakilta mutum ɗaya ya kwashe robobi da ledoji daga inda amarya za ta zauna, ya roƙi masu waya su ja baya na minti biyu idan an zo hoton 'yan uwa, sannan ka ce wa mai hoto ya ɗauki kowace tsayuwa sau uku ko huɗu.