Abin da ya sa na'ura ke sa 10 a gaban 2

Wanda ya taɓa zuba karatun Alƙur'ani a waya ko kwamfuta, kowace sura da lambarta daga 1 zuwa 114, wataƙila ya gamu da wannan lamari. Fatiha na ƙarewa, maimakon Baƙara ta biyo baya, sai Suratu Yunus mai lamba 10 ta shigo. Daga ita sai Al-Adiyat, ta 100. A irin wannan jeri, Baƙara ba ta bayyana sai a matsayi na 27, bayan duk surorin da lambarsu ta fara da ɗaya sun wuce.

Na'urar ba ta lalace ba. Sunan fayil rubutu ne a wurinta, shi kuwa rubutu tana jera shi ne kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus: a duba harafin farko, idan ya zo ɗaya a wuce na biyu. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, kowace alama tana da lambar da kwamfuta ta san ta da ita. Sifili 48 ne, ɗaya 49, biyu 50, har zuwa tara mai 57. Idan aka kawo mata "10" da "2", alamomin farko take dubawa, ta ga 49 bai kai 50 ba, ta yanke hukunci nan take. Ko kallon sifilin da ke biye ba ta yi. Shi ya sa bayan 109, wato Al-Kafirun, sai Hudu mai lamba 11 ta shigo, sannan a koma 110.

Haka abin yake a ofis. A manhajar Excel, idan an shigar da lambobi a matsayin rubutu, jeri da lissafi duk suna iya karkacewa. Ana gane su cikin sauƙi: lamba ta ainihi tana jingina a gefen dama na akwatinta, wadda ke matsayin rubutu kuma tana tsayawa a hagu, sau da yawa da ɗan koren tabo a kusurwar sama.

Maganin da masu rubuta manhaja suka samo shi ne a koya wa na'ura jeri irin na ɗan Adam. Sai ta yanka kowane suna gida-gida, haruffa daban, lambobin da ke jere da juna daban. Sunan `sura10.mp3` zai fara da gida biyu, `sura` da `10`, shi kuma `sura2.mp3` ya ba da `sura` da `2`. Gidan farko iri ɗaya ne, don haka ta wuce na biyu. Da ta ga duka biyun lambobi ne, sai ta auna su da ƙimarsu: biyu bai kai goma ba, Baƙara ta koma wurinta. Tun daga Windows XP, wadda ta fito a 2001, manhajar duba fayiloli ta Windows da wannan hanya take jera sunaye. A Linux umarnin `sort -V` yana yin wannan aiki, harshen PHP kuma yana da `natsort()`.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka, domin na'urar ba ta san ma'anar lambar ba. A ɗauki 1.5 da 1.10. Za ta raba su a kan ɗigon, ta kwatanta 5 da 10, ta sa 1.5 a gaba. Idan babin littafi da sashensa ake nufi, ta yi daidai. Idan kuwa awon nauyi ne, ta yi kuskure, domin kilo 1.10 bai kai kilo 1.5 ba. Ga kuma wata matsalar: manhajoji ba su bi hanya guda ba, don haka fayilolin da suka jeru lafiya a kwamfuta suna iya hargitsewa idan an buɗe su a wata na'urar.

Wannan ne dalilin da ya sa masu rarraba karatun Alƙur'ani suka saba sanya sunaye kamar `001.mp3`, `002.mp3`, har zuwa `114.mp3`. Idan tsawon lambobin ya zama ɗaya, jerin ƙamus da jerin ƙima sukan haɗu, domin "002" da "010" a alama ta biyu suke rabuwa, inda sifili ke gaban ɗaya. Abin lura shi ne a ƙiyasta lamba mafi girma tun da farko. Darussan tafsirin azumi guda 30 gurbi biyu ya ishe su, daga 01 zuwa 30, amma surori 114 sai da gurbi uku, in ba haka ba 100 za ta sake kutsawa tsakanin 10 da 11.