Wasiƙar da Ke Raka Takardar Neman Biya ta Farko

Wanda ya saba ciniki a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san cewa mai saye shi ne mai biya. A babban kamfani abin ya sha bamban. Jami'in da ya ba ka aiki, wanda kuka yi ta waya da shi, ba shi ke fitar da kuɗi ba. Takardarka za ta faɗa hannun wani akanta ne da bai taɓa ganinka ba, gabansa kuma tulin takardu. Shi ake rubuta wa imel ɗin da ke raka takardar neman biya ta farko, kuma a rubuta yadda zai iya biyanka ba tare da ya ɗaga waya ya tambayi kowa ba.

Mu ɗauki mai ɗab'i a Kano da ya buga wa wani kamfani kalanda ta naira 800,000. Tun kafin ya rubuta komai, sai ya tambayi wanda ya ba shi aikin abu biyu: adireshin imel na sashen kuɗi, da ko an shigar da sunansa cikin rajistar 'yan kwangilar kamfanin. Wannan rajista ita ke yawan maƙale biyan farko, domin kamfanoni da dama ba sa sakin ko kwabo sai sun karɓi takardar CAC, lambar haraji ta TIN da bayanin asusu. Gara a haɗa su duka a imel ɗin farko.

A layin take ya sa lambar takardar, sunan kasuwancinsa da lambar odar saye, wadda ake kira PO. Da wannan lamba akanta ke haɗa takardarka da izinin da aka bayar na yin aikin, in babu ita kuwa sai a ajiye ta gefe. Jikin wasiƙar ba ya son tsawo:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ga takardar neman biya mai lamba 001 haɗe da wannan saƙo, ta kalandar da muka kawo bisa oda mai lamba 4417. Kuɗin aiki naira 800,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 naira 60,000, jimla naira 860,000. Kamar yadda muka yi yarjejeniya, wa'adin biya kwana 30 ne daga yau 3 ga Maris, wato ranar 2 ga Afrilu. Muna roƙon a sanar da mu isowar saƙon, da duk wata takardar da ta rage."

Ƙarƙashin wannan sai sunan banki, sunan asusu, lambar asusu mai alƙaluma 10, da lambar wayar wanda za a nema. Takardar kanta a tura ta a PDF, tare da shaidar karɓar kaya da mai kula da sito ya sa wa hannu.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi shi ne ranar biya. Rubuta "kwana 30" kaɗai buɗe ƙofar gardama ne: daga ranar kawo kaya za a ƙirga, ko daga ranar da takarda ta iso, ko daga ranar da manaja ya amince? Idan ka ambaci 2 ga Afrilu kuma ba wanda ya musa, ranar 3 kana da hujjar tuntuɓa ba tare da jin nauyi ba. Sai dai kada ka cusa sharaɗin da ba ku tattauna ba, kamar tarar jinkiri. Wasiƙar tana maimaita yarjejeniya ne kawai.

Batun VAT kuma, a sa shi ne idan kasuwancin na cikin waɗanda doka ta ɗora wa karɓarsa, domin akwai ƙananan 'yan kasuwa da aka ɗauke wa. Akwai kuma harajin da kamfani ke yankewa tun daga tushe ya miƙa wa hukuma da sunanka. Ana lissafa shi ne a kan kuɗin aiki, ban da VAT. In kashi 2 cikin 100 ne ya shafi aikin mai ɗab'in nan, za a cire naira 16,000, ya ga 844,000 a asusunsa. Ba cutarsa aka yi ba, amma ya nemi shaidar abin da aka yanke, domin da ita zai rage harajin da ke kansa.

Sunan asusu dole ya zo daidai da sunan da ke kan takardar. Mai ɗab'in da ya yi rajista da sunan kasuwanci sannan ya ba da asusun kansa, ko na ƙaninsa, ya jawo wa kansa jinkiri, don akanta mai hankali ba zai biya ba. 'Yan damfara kan kutsa cikin imel su aika wa kamfani saƙo cewa an sauya asusu, kuɗi su tafi wani wuri. Saboda haka yana da kyau a ƙara layi ɗaya a ƙarshen wasiƙar: duk saƙon da ya zo da wani asusu dabam, a kira wannan lambar a tabbatar kafin a tura kuɗi.