Kalmar Sirrin Waifai Tana Nan Cikin Wayarka

Gidaje da shaguna da yawa sun san wannan matsala. An sayi ƙaramar na'urar waifai, wani yaro mai wayon waya ya saka mata kalmar sirri, ya haɗa wayoyin kowa, sannan ya koma makaranta. Bayan watanni sai ga sabuwar kwamfuta, ko baƙo mai son shiga intanet, aka yi ta kallon juna, babu wanda ya tuna abin da aka saka. Alhali wayar maigida tana haɗuwa da kanta kullum, wanda ke nuna kalmar tana ajiye a cikinta.

Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, Google ya buɗe hanyar ganin ta. Saboda haka abu na farko shi ne mutum ya san wace Android ke wayarsa, ta hanyar shiga Settings, sannan About phone. In lambar ta kai 10 ko ta wuce, aikin minti ɗaya ne.

Sai ya koma Settings ya nemi Wi-Fi. A wayoyin Pixel da masu kama da su yana ƙarƙashin Network & internet, a Samsung kuma yana cikin Connections. Zai ga sunan waifan da yake kai, da Connected rubuce a ƙasansa. Ya taɓa sunan ko alamar saitin da ke gefe, ya nemi Share, ko QR code a Samsung. Yawanci wayar za ta buƙaci lambar buɗe allo ko zanen yatsa, don kada duk wanda ya tsinci waya ya kwashi sirrin gida. A wannan shafin ne ake son a kula sosai, domin maɓallin Forget yana nan kusa, kuma wanda ya danna shi ya goge kalmar daga wayar gaba ɗaya.

Abin da zai fito shi ne wani murabba'i mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wato lambar QR. A Pixel, kalmar sirrin tana rubuce ƙarara a ƙasansa. Sabbin Samsung suna da alamar ido da ake taɓawa ta bayyana. Amma wasu wayoyin, musamman tsofaffin Samsung da Redmi, murabba'in kawai suke nunawa, kuma a nan ne sabon shiga yakan karaya. Masu Tecno da Infinix da itel su ma su nemi alamar QR ɗin, ko da sunayen maɓallan sun ɗan bambanta.

Murabba'in nan ba wani boyayyen abu ba ne, rubutu ne aka mayar zane. In baƙo ne ke son shiga, ya haska shi da kyamarar wayarsa, zai haɗu ba tare da ya rubuta komai ba. In kuwa kalmar ake so don kwamfuta, sai a ɗauki hoton allon a buɗe shi da Google Lens, ko a haska da wata wayar idan wannan ta ƙi yarda a ɗauki hoto. Lens takan ware sunan da kalmar, wasu manhajojin kuma sukan zubo rubutun yadda yake:

```
WIFI:T:WPA;S:GidanMu;P:Goro2024ja;;
```

Abin da ya biyo bayan `S:` shi ne sunan waifan. Abin da ke tsakanin `P:` da alamar `;` shi ne kalmar sirri, a wannan misalin Goro2024ja. Alamomin ƙarshe ba sa ciki. A kwafe ta daidai, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, kuma sifili yana rikicewa da harafin O. In abin da aka kwafa bai kai haruffa 8 ba, an bar wani abu a baya, domin kalmar WPA ba ta gaza haka.

Mai Android 9 ko ƙasa da haka, galibi wannan ƙofa a rufe take gare shi. Kalmar tana cikin wani fayil na tsarin wayar da ba a buɗewa sai an fasa kariyarta, abin da bai dace sabon shiga ya gwada ba, don manhajojin banki na iya daina aiki. Manhajojin da ke alkawarin tono kalmar sirri ba tare da haka ba, talla kawai suke cika waya da ita. Gara ya juya na'urar waifan ya duba takardar da ke manne a bayanta ko ƙarƙashin batirinta, inda ake buga kalmar asali, muddin ba a canza ta ba. Waifan jami'a ko ofis da ake shiga da suna da kalmar sirri ta kowane mutum kuwa ba ya ba da lambar QR, sai dai a koma wurin masu kula da shi su sabunta ta.